Baƙar jakar ta ƙare, wace rana zan faɗa wa mutane?

Assalamu alaikum Anti. Ni da yayata muna sayar da jakunkunan hannu ta Instagram da WhatsApp. Jarin nata ne, ni ce mai ɗaukar hoto da rubutu da amsa saƙonni. Akwai wata baƙar jaka mai zif biyu da ta karɓu sosai, to ta ƙare ƙarƙaf, sai ruwan ƙasa da ja suka rage. Kafin mu ankara mutum 9 sun riga sun tura kuɗinsu, kuma kullum sai an tambaye ni ita. Mun sa odar guda 60, dilan ya ce zai ɗora mana kayan ranar Litinin 6 ga Oktoba. In komai lafiya kwana 3 suke yi a hanya, amma akwai lokacin da ya ƙara mana kwana 4 a kan abin da ya faɗa. Ina so in rubuta a ƙasan hoton cewa ta ƙare, in sa ranar dawowarta. Yaya ta ce kul, wai in na rubuta haka masu saye za su watse, in dinga cewa “gobe ko jibi” ina karɓar kuɗi. Har mun yi cacar baki, ta ce ban san kasuwa ba. Ni kuma gabana faɗuwa yake duk sanda waya ta yi ƙara. Me zan rubuta, wace rana zan sa, kuma yaya zan yi da Yaya?

Wata ƙanwarki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki rubuta sanarwar, kuma ki sa rana. Amma kada ki fara da ita, domin akwai mutum 9 da bai kamata su ji labarin a bainar jama'a ba, akwai kuma lissafin da sai kin yi shi kafin ki san ranar da za ki iya tsayawa a kanta.

Mu fara da ranar, tunda a nan mafi yawan masu sayarwa suke zamewa. Kaya suna da ranaku uku: ranar da dila zai ɗora su, ranar da za su shigo hannunki, da ranar da za ki iya miƙa wa mai saye. Ranar farko dila yake faɗa miki, mai saye kuwa ta uku yake ji. In kika kwafi 6 ga Oktoba kika manna a ƙasan hoto, kin ɗauki alkawarin wani kin sa masa hannu da sunanki, alhali ranar nan ko jaka ɗaya ba ki taɓa ba.

Ga yadda zan lissafa da abin da kika ba ni. In an ɗora ranar Litinin 6, kwana 3 a hanya ya kai mu Alhamis 9. Sai ki ƙara jinkiri mafi tsawo da dilan ya taɓa yi muku, ba matsakaici ba, wato kwana 4, mun kai Litinin 13. Sannan ki ware yini guda na buɗe kaya: ki ƙirga, ki ja kowane zif sama da ƙasa, ki duba ɗinkin hannu da shafin ciki, ki ɗauki sabon hoto. Wannan Talata 14 ke nan. Ranar da za ki rubuta wa jama'a ita ce Laraba 15 ga Oktoba. Na san za ta yi miki nisa a ido, Yaya kuma za ta ce kin ƙara kusan mako a banza. To ki duba ɓangarorin biyu. In kayan suka iso ranar 9, sai ki duba su ranar 10, ki fito ranar 11 ki ce ta dawo kafin lokaci, babu wanda zai yi fushi da hakan. In kuwa kika ce 9 suka zo 13, kwana huɗu za ki yi kina ba da haƙuri ɗaya bayan ɗaya, wasu kuma sun riga sun ɗauki hoton rubutunki sun ajiye.

Kafin ki amince da ranar 6 ɗin ma, ki yi wa dilan tambaya biyu a rubuce, ba ta kiran waya ba. Kayan suna hannunsa yanzu, ko shi ma jira yake a kawo masa? Kuma guda 60 ɗin duk baƙaƙe ne irin na da, ko zai cike da wani launi? Ba ina cewa maƙaryaci ne ba. Sau da yawa dila shi ma alkawarin wani yake miƙo miki, yana jin nauyin ya ce bai sani ba. Alamar da za ki gane ita ce yadda zai amsa. Wanda kaya ke hannunsa zai turo miki hotonsu nan take, ranar ɗorawa kuma ya turo rasit ko lambar bin sawun kaya. Wanda ya ce “kada ki damu, an gama komai” ba tare da ya nuna komai ba, to ranarsa ba ta kai a gina sanarwa a kanta ba tukuna.

In hakan ta faru, kada ki ƙirƙiri rana. Ki ba su ranar da ke hannunki ke kaɗai, wato ranar da za ki kawo musu labari: “Baƙar jaka mai zif biyu ta ƙare. Mun sa odar sababbi, ranar Juma'a 10 ga Oktoba zan sanar da ranar da za a fara samunta.” Wannan alkawari ne da babu direba ko dila da zai karya miki shi. Wasu suna sa tsakani, su ce daga 13 zuwa 17. Ba laifi ba ne, amma ni ba na son sa, saboda mutane lambar farko suke riƙewa, ranar 13 da safe za ki ga saƙo.

Yanzu mutum 9 ɗin nan. Su ba masu tambaya ba ne, masu bin ki bashi ne, kuma faɗuwar gaban da kike ji daga nan take. Ki rubuta wa kowanne shi kaɗai, da sunansa, yau ɗin nan, kafin ki taɓa Instagram. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Wani abu kamar haka ya isa: “Barka da yini Hajiya. Kuɗinki na baƙar jaka ya shigo, sai dai ta ƙare kafin in ware miki taki, ki yi haƙuri. Sababbi za su samu ranar Laraba 15 ga Oktoba, kuma taki ce a sahun farko. In kina so ki jira, na ajiye miki. In kin fi son ruwan ƙasa ko ja, yau zan tura. In kuma kuɗinki kike so, yau zan mayar miki.” Ki lura da zaɓi na uku, kada ki cire shi don tsoro. Wadda ta ga ƙofar karɓar kuɗinta a buɗe take ta fi samun natsuwar jira, don ta san ba a riƙe ta da ƙarfi ba. Wata kuma tana da dalilin da ba za ta iya jira ba, wataƙila kyauta za ta yi da ita a wata rana da ba ta ɗaguwa. Irin wannan in kin mayar mata da wuri za ta nemi wata a kan lokaci, kuma ba za ta riƙe ki a rai ba.

Sai ita kanta sanarwar. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne layin farko, saboda Instagram yana yanke rubutun ƙasan hoto bayan kamar layi biyu, sauran sai mutum ya danna kafin ya gani, kuma yawanci ba sa dannawa. In kika cika layin nan da sallama da godiya da “masoyanmu na kusa da na nesa”, labarin ya nutse. Sunan kayan, cewa ya ƙare, da ranar dawowa, su uku su shiga jimlar farko. Ga yadda zan rubuta in ni ce:

“Baƙar jaka mai zif biyu ta ƙare, za ta dawo ranar Laraba 15 ga Oktoba in sha Allah. Guda 46 ne za a samu a wannan karon. Mai so a ajiye mata ta turo sunanta ta saƙo, ba sai ta biya yanzu ba, za mu bi layi yadda sunaye suka shigo. Ruwan ƙasa da ja suna nan, ana iya samunsu yau. Mun gode da yadda kuka karɓe ta.”

Jimla biyar ke nan, kowacce da aikinta. Na sa sunan rana tare da kwanan wata, don “Laraba” kaɗai tana iya zama kowace Laraba, “mako mai zuwa” kuwa ya danganta da ranar da mutum ya ci karo da hoton. Rubutu yana daɗewa a shafi, wani sai bayan kwana biyar zai gan shi, shi ya sa “gobe” da “jibi” ba su da gurbi a ciki ko da gaskiya ne a ranar da aka rubuta. In sha Allah kuma ta biyo bayan rana, kada ta zauna a madadinta. Na kira jakar da siffarta, na kuma fayyace cewa baƙar ce kaɗai ta ƙare, don in kika ce “jakarmu ta ƙare” kin rufe wa ja da ruwan ƙasa kasuwa da hannunki. Ban ambaci dila ba, ban ba da labarin hanya ba. Mai saye bai san shi ba, ke ya sani, kuma ɗora laifi a kan wanda ba ya wurin yana sa a ga kamar ba ki riƙe da ragamar sana'arki. Haƙuri sau ɗaya ya wadatar ga waɗanda suka biya. A sanarwar jama'a ma ba lallai ba ne, ƙarewar kaya ba laifi ba ce.

Za ki ce ina na samo 46. Daga 60 ki cire 9 na masu kuɗi a hannunku, saura 51. Sai ki ware 5 saboda wadda za ta zo da zif mai cijewa ko tabo, da wadda za a dawo miki da ita a canja. Saura 46, su kaɗai kike da ikon yi wa alkawari. In sunaye suka kai 46, ki rufe layin ki faɗa a fili, duk wadda ta zo daga baya ki ce mata tana jerin masu jiran ko wata ta fasa. Kuma za a fasa, domin turo suna ba ya cin ko sisi, ba duk wadda ta ce a ajiye mata ce za ta biya ba. Saboda haka tun yanzu ki sa ƙa'ida: in kaya suka iso za ki sanar da mutum, yana da awa 24 ya biya, in bai biya ba ta wuce ga na bayansa. Lambar nan kuma ta zama ta gaskiya. Kada a rubuta “saura kaɗan” don a tayar wa mutane da hankali alhali kwali cike yake, masu saye suna lura da wanda kullum kayansa saura kaɗan ne.

Hoton da za ki ɗora shi ne na jakar da aka sani, amma ki rubuta a jikinsa da manyan haruffa cewa ta ƙare, za ta dawo 15 ga Oktoba. Mutane suna tura hoto ga ƙawayensu ba tare da rubutun ƙasa ba, sai ki ga baƙuwa ta zo da kuɗinta tana neman abin da babu. Sannan ki koma tsofaffin hotunan jakar, musamman wanda ya fi yawo, ki danna `Edit` ki ƙara layi ɗaya a samansu. Wannan ƙaramin aiki ne da ake mantawa, kuma ta nan ne sababbin kuɗi suke ci gaba da shigowa a kan kayan da babu. Ki maƙale sanarwar a saman shafinki, Instagram yana barin a maƙale har guda uku. Sitatus na WhatsApp da sitori na Instagram kuwa awa 24 suke yi su ɓace, don haka sau ɗaya bai isa ba: ki sa yau, ki sake ranar da aka tabbatar an ɗora kaya, ki sake ana gobe. Fiye da haka ya zama damu. In da WhatsApp Business kike aiki, ki ɓoye baƙar daga jerin kayanki na ɗan lokaci, ki kuma ajiye amsar a `Quick replies`, yadda da kin danna `/` za ta fito. Da haka kowa zai ji rana ɗaya daga bakinki, ko ke ce kika amsa ko Yaya.

To mu zo kan Yaya, don na san ita ce ta fi tsaya miki a rai. Kada ki ɗauke ta a matsayin mai son cuta. Kuɗinta ne a ciki, ta ga kaya ya karɓu bayan wahala, tana tsoron kasuwar ta huce kafin sababbi su zo. Kuma tana da gaskiya a abu ɗaya: wasu za su tafi su saya a wani wuri. Sai dai waɗannan masu gaggawa ne, “gobe ko jibi” ba zai riƙe su kwana tara ba. Abin da zai yi kawai shi ne ya riƙe kuɗinsu, ya mayar da mai saye mai neman haƙƙinsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a nan ma tsawonsa kwana biyu ne cif, ranar ta uku sai an ƙirƙiro wata. Kuma wa zai ƙirƙiro? Ke, tunda wayar a hannunki take. Wannan kina da damar faɗa mata cikin ladabi: “Yaya, ni nake amsa su, ba zan iya faɗin ranar da na san ba ita ba ce.”

Amma kada ki je mata da wa'azi, ki je mata da takarda. Abin da take so shi ne tabbacin cewa jakunkuna 60 ba za su kwana a ɗaki ba, jerin sunaye kuwa shi ne wannan tabbacin. Ki ce mata ta ba ki kwana uku ki gwada. In ta ga sunaye suna taruwa, hankalinta zai kwanta fiye da yadda kuɗin mutum biyu ko uku na dole zai kwantar da shi, kuma jerin zai nuna muku ko odar gaba ta kamata ta wuce 60. Ki nemi shawararta a kan lambar da za a ware da tsawon lokacin ajiya, don ta ji da ita aka yi, ba a bayanta ba. Maganar “ba ki san kasuwa ba” ki bar ta ta wuce, ta ɓacin rai ce.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ki yi mata a keɓe, ba don tuhuma ba: kuɗin mutum 9 ɗin nan yana nan, ko ya shiga cikin odar? Ina zargin wannan ne asalin tirjiyarta. In ya shiga, to ku san haka tun kafin ki tura saƙon da ke cewa “yau zan mayar miki”, ku tanadi na mutum uku ko huɗu daga cinikin ja da ruwan ƙasa, ko ki sauya kalmar zuwa ranar da za ku iya cikawa. In kuma lallai tana buƙatar kuɗi kafin kaya su zo, akwai hanya mai tsabta. A faɗa wa mutum ƙarara cewa biya ne kafin zuwan kaya, a ba shi ranar 15, a gaya masa in ranar ta wuce yana da damar karɓar kuɗinsa cikakke. Wanda ya yarda da idonsa a buɗe, babu cuta. Ni dai zan so ku jira har rasit ɗin ɗora kaya ya shigo wayarki kafin ku buɗe wannan ƙofar, kuma ku taƙaita ta ga mutum kaɗan.

Saura abin da za ki yi in duk da wannan lissafi ranar ta kuɓuce. Ba ranar 15 za ki gane ba. Tunda hanya kwana 3 ce kuma kina buƙatar yini guda na dubawa, in har Juma'a 10 ta wuce ba a ɗora kaya ba, ranar 15 tana cikin haɗari, in Asabar 11 ta wuce kuwa ta tafi. A ranar za ki yi magana, ba za ki jira a zo a tambaye ki ba. Masu kuɗi a hannunku su fara ji, tare da tayin mayar musu, sannan masu suna a layi, sannan ki gyara sanarwar: “An samu jinkiri, baƙar jaka mai zif biyu ba za ta samu ranar 15 ba. Sabuwar rana ita ce kaza. Layin sunaye yana nan yadda yake.” Kada ki goge tsohuwar a ɓoye ki yi kamar ba ki taɓa faɗa ba. Sabuwar ranar kuma ki lissafa ta kamar ta farko, daga ranar da rasit ya nuna an ɗora, domin mutane suna yafe ɗagawa ɗaya, ta biyu ce take sa a fara tambayar ko akwai jakar ma.

In kayan suka iso, ki ajiye sabuwa kusa da tsohon hoto ki kwatanta. Wani lokaci sabon zubi yana zuwa da ɗan bambanci, kan zif ya sauya launi ko hannun ya ɗan gajarta. In haka ne ki ɗauki hoton bambancin ki nuna wa masu jira kafin su karɓa, musamman tara ɗin farko da suka biya a kan tsohon hoto. Nasu za ki fara turawa, sannan ki bi layi, sai abin da ya rage ki fito da shi fili. A ranar ki cire waccan sanarwa daga saman shafi, ki goge layin “ta ƙare” daga tsofaffin hotuna, ki dawo da baƙar cikin jerin kayanki. Kuma ku zauna da Yaya ku tsayar da adadin da in baƙar ta sauko kansa za a sa sabuwar oda. Ku duba guda nawa kuke sayarwa a rana, ku ninka da kwanakin da oda take ɗauka tun daga kiran dila har kaya su shigo hannu a duba su. In kuna sayar da 2 a rana kuma odar tana cin kwana 10, to da zarar saura 20 a kira dila.